Kusurwa Ce Ke Kayar da Jirgin Sama, Ba Ƙarancin Gudu Kaɗai Ba: Nazari a Kan Haɗarin Jirgin Air France 447

Tsakure

Abin da ya fi yawo a bakin mutane, har da wasu masu koyon tuƙi, shi ne jirgin sama yakan rikito ne idan gudunsa ya yi ƙasa. Wannan maƙala ta tsaya a kan cewa ƙarancin gudu hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin da ke kai fiffike ga gazawa. Ainihin sanadin shi ne kusurwar da fiffike yake karo da iska ta wuce iyakarta. An bi yadda iska ke tafiya a bayan fiffike, an yi lissafi da ƙaramin jirgin koyo, sannan aka bi diddigin mintuna huɗu na ƙarshe na jirgin Air France 447, wanda ya faɗa tekun Atilantika a 2009 injinansa biyu suna aiki lafiya lau.

Gabatarwa

Matuƙa jiragen sama suna kiran abin da ake magana a kansa sitol, wato lokacin da iskar da ke bin bayan fiffike ta sake shi, ƙarfin da ke ɗaga jirgi ya faɗi, tirjiyar iska kuma ta ƙaru sosai. Ba ruwan mutuwar inji a ciki. Jirgin da ba shi da inji ko ɗaya yana iya shafe sa'o'i yana shawagi bai yi sitol ba, wanda injinsa ke ruri da dukkan ƙarfinsa kuma yana iya yi.

Kafin a ci gaba, akwai abubuwa biyu da ya kamata a raba, domin haɗa su ya ci rayuka. Na farko shi ne inda hancin jirgi ya dosa idan aka auna da shimfiɗar ƙasa. Na biyu shi ne inda jirgin yake tafiya a zahiri. Kusurwar karo ita ce tazarar da ke tsakanin layin da ya ratsa fiffike daga bakinsa zuwa gefensa na baya, da kuma hanyar da iska ke zuwa masa, wadda kishiyar hanyar tafiyar jirgin ce. Saboda haka jirgin da hancinsa ke kallon sama da digiri 15 yana kuma hawa da digiri 10, kusurwar karonsa wajen digiri 5 ce, yana cikin aminci. Wanda hancinsa ke a daidai wannan wuri amma yana nitsewa ƙasa da digiri 25, tasa kusurwar ta kai 40. A idon matuƙin da ke kallon na'urar nuna matsayin hanci, jiragen nan biyu iri ɗaya suke.

Abin da ke faruwa a bayan fiffike

A taron masana lissafi da aka yi a Heidelberg ta Jamus a 1904, Ludwig Prandtl ya gabatar da wata gajeriyar takarda da ta zama tushen fahimtar wannan al'amari. Ya nuna cewa akwai wata siririyar shimfiɗar iska da ke manne da jikin duk abin da ke ratsa iska, kuma a cikinta gogayya take rage wa iskar gudu. A kan fiffike, wannan shimfiɗa ce ke yanke hukunci.

Idan iska ta hau kan fiffike daga gaba, takan ƙara gudu yayin da take lanƙwasa da bakinsa, matsinta kuma ya sauka. Wannan raguwar matsi a sama ita ce ke samar da mafi yawan ƙarfin ɗagawa. To amma kafin iskar ta kai gefen baya, dole matsin ya sake hawa ya koma kusa da yadda yake a waje. Ke nan daga kusa da baki zuwa baya, iskar tana tafiya ne daga ƙaramin matsi zuwa babba. Tamkar mai keke ne da ya gangaro kwari da gudu, yana so ya haye tudun da ke gabansa da wannan gudun kaɗai. Idan tudun mai sauƙi ne zai haye. Idan ya yi tsayi, kuma yashi ya riga ya ci masa gudu, zai tsaya a tsakiya, har ya soma komawa baya.

Ƙara kusurwar karo ƙara wa tudun nan tsayi ne. Da farko riba ake ci, domin duk digirin da aka ƙara, matsin sama yana ƙara sauka, ƙarfin ɗagawa yana ƙaruwa kusan daidai wa daida. Ana nan sai iskar da ke manne da fiffike ta soma gazawa daga gefen baya, ta ɓalle ta zama guguwa. Wurin ɓallewar yakan yi ta matsowa gaba. Idan aka kai wata kusurwa, wadda a yawancin fikafikai masu tafiya da matsakaicin gudu take tsakanin digiri 15 zuwa 18, asarar takan rinjayi ribar. Daga nan duk jan da matuƙi ya ƙara yi, ƙarfin ɗagawa raguwa yake. Guguwar da ta ɓalle tana dukan fiffike da jela, shi ya sa jirgi kan soma kakkarwa. Wannan kakkarwa ita ce kashedin da fiffike da kansa yake bayarwa.

A duk bayanin nan ba a ambaci wani adadin gudu ba. Siffar fiffike da kusurwarsa su ne suka tsara tsayin tudun.

To ina gudu ya shigo?

Ya shigo ta lissafin ƙarfin ɗagawa:

```
L = ½ ρ V² S CL
```

A nan L ƙarfin ɗagawa ne, ρ kaurin iska, V gudu, S faɗin fiffike, CL kuma adadin da ke hawa da sauka tare da kusurwar karo. Idan jirgi yana tafiya miƙe, ba hawa ba sauka, dole L ya yi daidai da nauyinsa. Da zarar gudu ya ragu, sai matuƙi ya cike giɓin da ƙarin kusurwa. Haka zai yi ta yi har kusurwar ta kai iyaka. Gudun da aka ga jirgin yana yi a wannan lokaci shi ne aka rubuta a littafinsa a matsayin gudun sitol. Lambar gaskiya ce, amma da sharuɗɗanta: nauyi kaza, fikafikai a daidaice, tafiya miƙe, fiffike mai tsabta. A sauya ɗaya daga ciki, lambar ta tashi daga aiki.

A ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgin da dubban matuƙa suka koyi tuƙi da shi. Da cikakken kaya, ba a zaro filaf ba, wato ƙananan fikafikan da ake saukarwa lokacin sauka, yakan yi sitol a wajen kilomita 90 a awa. Ɗalibi yana zagayowa zai sauka da gudun kilomita 120, yana ganin yana da rarar 30. Sai ya lura ya wuce saitin titin sauka, ya kwantar da jirgin sosai don ya dawo, ya kuma ja sandar tuƙi don kada ya rasa tsayi. A kwana mai kwanciyar digiri 45, fiffike yana ɗaukar nauyin jirgin sau 1.41, gudun sitol kuma ya hau zuwa wajen kilomita 107. A digiri 60 nauyin ya ninka biyu, gudun sitol ya ƙaru da kashi 41 cikin 100, ya koma wajen kilomita 127. Allurar gudu tana nan a kan 120 ba ta motsa ba, amma fiffike ya riga ya ƙetare iyaka, kuma tsayin da ya rage ba zai isa a gyara ba. Irin wannan kwana na kusa da ƙasa yana cikin sanannun hanyoyin da ƙananan jirage ke hallaka.

Haka nauyi yake. A ƙara wa jirgi kashi 21 cikin 100 na nauyi, gudun sitol zai ƙaru da kashi 10. Ta ɗaya ɓangaren kuma, matuƙin da ya tura sanda gaba har fiffike ya daina ɗaukar nauyi yana iya ratsa iska da gudun da bai kai na littafi ba, bai kuma yi sitol ba, saboda ba a nemi komai daga fiffiken ba. Masu wasa da jirage a sama suna yin haka a ƙololuwar da'ira. Tun 1944 Wolfgang Langewiesche ya gina littafinsa Stick and Rudder a kan wannan fahimta, cewa matuƙi ya riƙa tunanin kusurwa.

Sai dai a yi wa batun adalci, ita ma iyakar kusurwar ba a kafe take ba. Ƙanƙarar da ta daskare a bakin fiffike tana saukar da ita. Ƙananan fikafikan gaba da manyan jirage ke zarowa suna ɗaga ta. Gudun da ya kusanci na sauti kuma yana saukar da ita ƙwarai, domin iskar da ke kan fiffike takan zarce saurin sauti a wasu wurare, ta haifar da igiyar matsi mai ɓalle shimfiɗar iskar tun da wuri. Wannan na ƙarshe shi ne ya sa rarar babban jirgi a can sama take 'yar kaɗan.

Daren 1 ga Yuni, 2009

Jirgin Air France 447 ƙirar Airbus A330 ne, ya taso daga Rio de Janeiro zuwa Paris da fasinjoji 216 da ma'aikata 12. Yana tafe a tsayin ƙafa 35,000 a kan tekun Atilantika, cikin duhu, a yankin da gizagizan hadari ke taruwa kusa da tsakiyar duniya. Babban matuƙi ya tafi hutu kamar yadda tsari ya tanada, ya bar mataimakansa biyu. A irin wannan tafiya kusurwar karo ba ta wuce digiri 2 da rabi zuwa 3 ba, na'urar kashedi kuma takan yi ƙara da an ɗan haura digiri 4.

Da ƙarfe 2:10:05 agogon GMT, ƙwayoyin ƙanƙara suka toshe bututun Pitot, waɗanda su ne ke auna gudu. Lambobin gudu suka rikice, na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta saki jirgin, kwamfuta kuma ta koma wani tsari wanda a cikinsa ba ta hana matuƙi wuce iyakar kusurwa. A daidai wannan daƙiƙa babu abin da ya sami fiffike ko inji. Da an riƙe hanci da ƙarfin inji yadda suke, da jirgin ya ci gaba da tafiyarsa, domin rikicewar lambobin ba ta kai minti ɗaya ba.

Matuƙin da ke riƙe da jirgin ya ja sanda baya. Nan take kashedin sitol ya yi gajeriyar ƙara sau biyu. Abin lura a nan shi ne jirgin yana kan cikakken gudunsa, wajen kashi 80 cikin 100 na saurin sauti. Ja ne kawai ya ɗaga kusurwar. Hanci ya haura digiri 10, jirgin ya soma hawa da saurin da ya kai ƙafa 7,000 a minti. A wannan tsayi iska ba ta kai sulusin kaurinta na bakin teku ba, injina ba su da rarar ƙarfin da za su biya irin wannan hawa, don haka da gudunsa jirgin ya biya. Gudun da na'ura ke nunawa ya sauka daga wajen kilomita 510 a awa zuwa wajen 400.

Da ƙarfe 2:10:51, kusurwar karo tana wajen digiri 6, kashedin ya dawo, kuma ya yi daƙiƙa 54 yana ƙara ba tsayawa. Matuƙin ya tura injina zuwa ƙarshen ƙarfinsu, ya ci gaba da ja. Wannan shi ne martanin mutumin da ya ɗauka gudu ne matsalar, kuma inji ne maganinta. Saboda jan da aka ɗore da shi, kwamfuta ta juya babban fiffiken jela daga digiri 3 zuwa 13 na ɗaga hanci cikin kamar minti ɗaya, a nan kuma ya zauna har ƙarshe. Jirgin ya kai ƙafa 38,000 da kusurwar karo digiri 16, sannan ya soma zubowa.

Lokacin da babban matuƙi ya dawo, bayan kamar minti ɗaya da rabi da fara matsalar, kusurwar ta wuce digiri 40. Jirgin yana sauka da ƙafa 10,000 a minti, hancinsa yana sama da bai wuce digiri 15 ba, injina suna kusa da cikar ƙarfi. Duk wanda ya kalli hanci da inji kaɗai zai ce jirgin nan hawa yake.

A nan ne wani abu ya faru da ya kamata masu ƙera na'urori su riƙa tunawa. An tsara jirgin ne a kan cewa idan gudun da aka auna ya gaza wajen kilomita 110 a awa, kwamfuta ta daina yarda da abin da ma'aunin kusurwa ke faɗa. Da kusurwar ta yi tsanani, iska ta riƙa zuwa wa bututun Pitot ta ƙasa maimakon ta gaba, suka riƙa nuna gudu ƙasa da wannan adadi, sai kashedin ya yi shiru. Da matuƙi ya ɗan tura sanda gaba, kusurwa ta ragu, lambobi suka dawo, sai kashedin ya sake tashi. Matakin da yake daidai shi ne ya riƙa jawo ƙara, kuskure kuma ya riƙa jawo shiru. Kashedin kusurwa ne, amma an ɗaure shi da ma'aunin gudu, kuma a ɗakin tuƙin babu wata allura da ke nuna wa matuƙa kusurwar kai tsaye. Sandunan tuƙin biyu kuma ba a haɗe suke ba, ɗaya ba ya jin abin da hannun ɗan'uwansa ke yi. Sai da jirgin ya sauko ƙasa da ƙafa 10,000 matuƙin ya faɗa da bakinsa cewa tun ɗazu ja yake yi.

Na'urar naɗar bayanai ta tsaya da ƙarfe 2:14:28. Lambobinta na ƙarshe sun isa hujja. Jirgin yana sauka da ƙafa 10,912 a minti, wato wajen kilomita 200 a awa. Yana tafiya gaba shi ma da wajen kilomita 200 a awa. Gaba da ƙasa daidai suke, ke nan hanyar tafiyarsa ta karkata ƙasa da digiri 45. Hancinsa yana sama da digiri 16.2. Idan aka haɗa biyun, aka ajiye kaɗawar iska a gefe, kusurwar karo ta ɗan haura digiri 60. Jimillar gudunsa a cikin iska kuwa wajen kilomita 280 ne a awa, wanda bai gaza gudun da irin wannan jirgi ke tunkarar titin sauka da shi ba idan ya zaro filaf. Iska tana nan da yawa, amma ta ƙarƙashin ciki take dukansa. Faɗuwar ta ɗauki minti uku da rabi, kuma babu wanda ya tsira daga mutum 228.

Sai a watan Afrilun 2011 aka gano tarkacen a zurfin wajen mita 3,900. Hukumar binciken haɗuran jiragen sama ta Faransa, BEA, ta fitar da rahoton ƙarshe ranar 5 ga Yuli, 2012. Ta nuna cewa matuƙan ba su taɓa gane cewa cikin sitol suke ba, kuma ba su sami horon tuƙa jirgi da hannu a irin wannan tsayi ba. Cikin shawarwarinta har da a duba batun sanya ma'aunin kusurwa a gaban matuƙa.

Ba laifin mutum ɗaya ba ne

Mai wannan maƙala yana ganin zalunci ne a jibga komai a kan matashin da ke riƙe da sanda cikin duhu da ƙarar kashedi iri-iri. An shafe shekaru da dama ana koyar da matuƙan manyan jirage cewa idan kashedin sitol ya tashi, a ba da wuta a kuma yi ƙoƙarin kada a rasa tsayi, har a jarrabawa ana auna su da yawan ƙafar da suka rasa. Wannan yana iya aiki kusa da ƙasa, inda inji ke da ƙarfi, kuma kafin fiffike ya ƙetare iyaka. Bayan ya ƙetare, tirjiyar iska ta fi ƙarfin kowane inji. Injinan da ke rataye ƙarƙashin fiffike ma, idan aka ba su wuta sosai, ƙara ɗaga hanci suke yi.

Watanni kaɗan kafin wannan haɗari, a Fabrairun 2009, jirgin Colgan Air 3407 ya faɗi kusa da Buffalo a Amurka bayan matuƙinsa ya ja sanda lokacin da take girgiza don yi masa kashedi, mutum 50 suka mutu. A sararin Sahel ma an gani. Ranar 24 ga Yuli, 2014, jirgin Air Algérie 5017, ƙirar MD-83, ya tashi daga Wagadugu zuwa Aljas. Ƙanƙara ta toshe ma'aunin ƙarfin injinansa a tsayin ƙafa 31,000, ƙarfin ya ragu, na'urar tuƙi kuma ta yi ta ɗaga hanci a hankali don riƙe tsayi har fiffike ya gaza. Ya faɗi kusa da Gossi a Mali da mutum 116. A can gudu ne ya fara raguwa, a jirgin Air France ja ne ya fara, amma ƙofa ɗaya suka bi.

Daga 2010 manyan kamfanonin ƙera jirage suka sauya tsarin fita daga sitol, hukumar jiragen sama ta Amurka kuma ta tabbatar da shi a jagorar da ta fitar a 2012. Yanzu abin da ake koyarwa shi ne a kashe na'urar tuƙi mai sarrafa kanta, a tura hanci ƙasa har kashedi da kakkarwa su tsaya, a gyara fiffiken jela idan ya tafi baya, a daidaita fikafikai, sannan a ƙara wuta gwargwadon buƙata. Za a rasa tsayi, a can sama ma yana iya kai dubban ƙafa, kuma an yarda a rasa shi.

Ma'aunin kusurwa shi ma na'ura ce, yana iya yin ƙarya. Haɗuran Boeing 737 MAX biyu, na Lion Air a Oktoban 2018 da na jirgin Habasha a Maris ɗin 2019, sun faro ne daga ma'aunin kusurwa guda da ya ba kwamfuta lambar da ba daidai ba. Don haka matuƙi yana buƙatar alamun da ba su dogara da na'ura ɗaya ba: kakkarwar jirgi, fikafikan da ke ƙin tsayawa daidai, da kuma hanci a sama alhali ma'aunin tsayi yana zuba ƙasa ja bai hana shi ba. Wannan ta ƙarshe ta bayyana a gaban matuƙan Air France na tsawon fiye da minti uku.

Kiran da wannan maƙala ke yi ga malaman tuƙi, daga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da ke Zariya, wadda ke horar da matuƙa tun bayan kafa ta a 1964, har zuwa sauran makarantun yankin nan, shi ne kada ɗalibi ya karɓi lasisi alhali sitol ɗin da ya sani shi ne na rage wuta a tafiya miƙe kawai. A hau da shi tsayin da ke da aminci, a sa shi ya ja jirgi cikin kwana har ya ji kakkarwar da hannunsa a gudun da ya fi na littafi, sannan a sa shi ya tura sanda gaba tun kafin ya taɓa maƙurar inji.